Kafin a Naɗe Katifa: Takardar Barin Jami'a Saboda Jinya da Makomar Kuɗin da Aka Biya

Idan ciwo ya kayar da ɗalibi a tsakiyar zangon karatu, abin da aka saba shi ne a bugo waya gida, wa ko kawu ya zo da mota, a naɗe katifa, a jefa bokiti da risho a but, a kama hanya. Abokan ɗaki su yi rakiya har bakin ƙofa, wakilin aji ya sanar da sauran ɗalibai, wani lokaci har malamin da ke kula da ajin ya ji labari ya ce Allah ya sawwaƙe. A ganin iyali, kowa ya sani. A wurin jami'a kuwa babu wanda ya sani, domin ita labarin baka bai dame ta ba, abin da ke cikin fayil kaɗai take aiki da shi. Sunan yaron yana nan cikin jerin waɗanda suka yi rajistar darussa, kujerarsa na jiransa ranar jarrabawa, kuma idan bai zauna a kanta ba za a rubuta masa abin da ake rubuta wa duk wanda ya ƙi zuwa.

Ga yadda lissafin yake. Mu ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji biyu a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'ar tarayya, nesa da garinsu. Misali ne kawai, haka ma alƙaluman da zan kawo a kanta. A ajin farko ta yi darussa masu nauyin yunit 36, ta fita da matsakaicin maki 3.50 cikin 5.00, wato ta tara maki 126, tana daidai bakin matakin daraja ta biyu mai girma. A sabon zango ta yi rajistar yunit 18. Tana da sikila, kuma a mako na biyar ciwon ƙugu da ta daɗe tana daurewa ya hana ta taka ƙasa. Hoton ƙashi ya nuna kan ƙashin cinyarta ya fara lalacewa saboda jini ba ya isa wurin, abin da likitoci suka sani sarai a masu wannan lalura. Aka kai ta gida, babu wanda ya rubuta komai. Idan zangon ya ƙare a haka, yunit 18 ɗin nan za su shiga lissafi da sifili. Maki 126 da a da ake raba su gida 36, yanzu gida 54 za a raba su, sakamako ya faɗo zuwa 2.33, wato daraja ta uku. Ba ta faɗi jarrabawa ko ɗaya ba, tana kwance ne. Idan kuma shirun ya ci gaba, jami'o'i da yawa suna ɗaukar wanda ya ɓace zango biyu a jere ba tare da izini ba a matsayin wanda ya bar karatu da kansa, a cire sunansa ba tare da an neme shi ba.

Saboda haka takardar ba ladabi ba ne kawai. Ita ce ke tsayar da lissafin a ranar da aka karɓe ta.

Janyewa ko jinkirtawa

Kafin a ɗora alƙalami, akwai shawarar da ta fi takardar kanta nauyi. Jami'a tana da ƙofa biyu ga marar lafiya. Ta farko ita ce dakatar da karatu na wani lokaci, zango ɗaya ko shekara ɗaya, da izinin majalisar malaman jami'a, wadda ake kira sanet. Lambar ɗalibi tana nan, makinsa yana nan yadda ya bari, idan ya warke ya kawo shaidar likita ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta biyu ita ce janyewa ɗungurungum: ɗalibi ya ce ya sauka, a rufe fayil ɗinsa. Wanda ya bi ta wannan ƙofa, in ya so dawowa wata rana, sai dai ya sake neman gurbi, kuma sau da yawa hakan na nufin komawa ga jarrabawar JAMB, tunda sakamakonta na shekarar da aka yi ta ne kawai.

Mutane da dama suna rubuta ta biyu alhali ta farko suke nufi. Ana rubutun ne cikin zafin ciwo da ɓacin rai, uwa tana cewa "ni dai a bar min 'yata a gabana", shi kuma mai rubutun ya zaɓi kalmar da ta fara zuwa masa. Ma'aikacin ofishin rajistara ba zai tsaya karanta zuciyar kowa ba, abin da aka nema shi zai aiwatar. Ra'ayina a nan a fili yake: duk wanda likitansa ke iya cewa nan da wata kaza zai miƙe, kada ya janye. Mai tarin fuka, alal misali, maganinsa wata shida ne a mafi yawan lokuta, wata biyu na farko da ƙwayoyi iri huɗu, sauran wata huɗun da iri biyu. Wannan ciwo ne mai wa'adi, dakatarwar shekara ɗaya ta ishe shi. Haka karaya, haka tiyata mai sauƙi, haka laulayin ciki mai tsanani. Abin da ya kamata a tambaya tun farko shi ne ko lokacin da aka dakatar zai shiga lissafin iyakar shekarun karatu, domin digirin shekara huɗu a bisa al'ada ba a wuce shekara shida a kansa, kuma dakatarwa da izini galibi ba a ƙirga ta a ciki, saɓanin ɓacewa haka kawai.

Amma akwai inda janyewar ita ce daidai, kuma ɗalibarmu tana cikin irin wannan. Karatunta na tsayuwa ne sa'o'i a ɗakin gwaji, ɗakin kwananta a bene yake, likitan ƙashi bai iya yanke ranar da za ta ajiye sanda ba, likitan jininta kuma yana garinsu. Ko da ta warke, ba wannan jami'ar take son komawa ba, ta fi son wadda ke kusa da gida, wataƙila ma wani fannin daban. Malamin da ke kula da ajinsu, idan na kirki ne, zai ja hankalin mahaifinta kafin ya sa hannu:

"Alhaji, ka tabbata? In ta dakatar, kujerarta na nan. In ta janye, shi ke nan fa."

"Malam, mun yi shawara da likita da mahaifiyarta da ita kanta. Ko ta tashi, ba nan za ta dawo ba."

"To, kada ku tafi ba ku nemi takardar sakamakonta na ajin farko ba. Ita ce za ta yi mata amfani gaba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce abin da aka fi mantawa. Wadda ta janye da kanta tana da maki 3.50 tana da abin nunawa idan ta nemi sauya sheƙa zuwa wata jami'a. Wadda aka cire bayan sifili ya cika mata takarda ba ta da shi.

Abin da takardar ke ɗauke da shi

Ana rubuta ta ne da Turanci, tunda shi ne harshen ofis a jami'o'in Najeriya, kuma ana aika ta ga magatakardar jami'a, wato rajistara, amma ba kai tsaye ba. Sai ta bi ta hannun shugaban sashe, sannan shugaban tsangaya, kowanne ya rubuta ra'ayinsa a gefe ya sa hannu da hatimi. Ɗaliban digiri na biyu da na uku kuwa tasu ta makarantar karatun gaba da digiri take bi. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya kai ta saman bene da kansa, yana ganin ya yanke hanya, zai tarar an dawo da ita ƙasa bayan makonni da ɗan rubutu a kusurwa cewa a nemi bayanin sashe. Ga ma'anar abin da ɗalibarmu za ta rubuta, bayan adireshi da kwanan wata:

"Ranka ya daɗe,

Neman janyewa daga karatu saboda rashin lafiya, da neman bayani a kan kuɗin da na biya.

Ni ɗaliba ce a aji biyu, sashen kimiyyar sinadarai, tsangayar kimiyya. Sunana da lambar rajistata suna ƙasan wannan takarda. Na kammala rajistar wannan shekarar karatu, na halarci darussa har zuwa mako na biyar na zangon farko, lokacin da aka kwantar da ni a asibiti. Likitocina sun ba da shawarar jinya mai tsawo a kusa da gida, ba tare da sanin ranar kammalawa ba. Rahotonsu yana haɗe a cikin ambulan da aka rufe, zuwa ga daraktan asibitin jami'a.

Don haka ina roƙon a amince min in janye daga karatu daga ranar da aka kwantar da ni, a soke rajistar darussan wannan zango domin kada a lissafa min su a matsayin faɗuwa, kuma a ba ni damar karɓar takardar sakamakona na ajin farko.

Na biya kuɗin rajista naira 105,000 ta Remita, kuɗin ɗakin kwana naira 40,000, da kuɗin sashe da ƙungiyar ɗalibai naira 7,500. Kwafin rasit na kowanne yana haɗe, tare da lambar RRR. Ina roƙon a sanar da ni a rubuce wanne daga cikinsu ake mayarwa bisa ƙa'idar jami'a, gaba ɗaya ko wani ɓangare, da kuma ofishin da zan tuntuɓa. Na miƙa makullin ɗaki ga mai kula da ɗakunan kwana, shaidar hakan tana haɗe.

Saboda halin da nake ciki, na wakilta yayana ya bi sawun wannan takarda a madadina. Sunansa da lambar wayarsa suna ƙasa.

Na gode."

Shafi ɗaya ke nan, kuma bai kamata ta wuce haka ba. Babu tarihin yadda ciwon ya fara tun tana goye, babu labarin wahalar da mahaifinta ya sha kafin ya haɗa kuɗin, ko da yake duka gaskiya ne. Takardar za ta bi ta hannun masinja da akawu da sakatare, kowa na iya karantawa, kuma wanda zai yanke hukunci a ƙarshe zai gan ta ne cikin tarin wasu, a taron da ake sauri a tashi. Abin da yake nema shi ne: wace ce, me take so, daga yaushe, ina shaida.

A lura ba ta faɗi sunan ciwon ba. Ba dole ba ne. Sunan ciwo na cikin rahoton likita, rahoton kuma likita ɗan'uwansa ne ya kamata ya buɗe shi, shi ne zai rubuta wa rajistara cewa ya duba ya gamsu. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga masu lalurar ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya ko wani ciwon da mutanenmu ke yi wa surutu. Iyalai da yawa sun gwammace yarinya ta yi asarar karatunta baki ɗaya da a ce an rubuta a takarda cewa ta ga likitan ƙwaƙwalwa, don gudun abin da za a faɗa ranar da manema suka fito. Rufaffen ambulan yana rage wannan fargaba, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin marar lafiya.

Jimlar da ta fi kowace tsada a takardar ita ce ta kwanan wata. Tsakanin ranar da ciwo ya kwantar da mutum da ranar da aka samu sukunin rubutu, sau da yawa akwai wata guda ko biyu, kuma a cikin wannan tazara an yi gwaje-gwajen aji, wani lokaci ma an shiga jarrabawa. Idan ba a nemi janyewar ta fara daga ranar kwanciya ba, za a iya ɗaukar ranar da takardar ta iso ofis, sifilin da ke tsakani ya zauna daram. Wannan ne ya sa rahoton likita ya zama ƙashin bayan al'amarin. Rahoto mai amfani yana kan takarda mai tambarin asibiti, yana faɗin ranar da aka fara ganin marar lafiya, ranar kwanciya da ta sallama, abin da aka gano, da ra'ayin likita a kan ko zai iya karatu da tsawon hutun da yake bukata, sannan sunan likitan da sa hannunsa da hatimi. Katin asibiti ko rasit ɗin kantin magani ba rahoto ba ne. Jami'o'i kuma sun fi natsuwa da na asibitin gwamnati, kuma kusan ko'ina sai asibitin jami'ar ya tantance shi, saboda sun sha ganin rahoton da aka saya bayan an faɗi jarrabawa.

A nan ne mutanenmu suka fi shiga matsala. Yaro ya karye, an kai shi wurin mai ɗori a ƙauye, ya yi wata uku ya warke sumul. Ko yarinya ta rikice, aka yi ta ruƙiyya da rubutu a gida. Ba ina ce a bar abin da aka yi imani da shi ba ne, amma mai ɗori ba ya ba da takardar da sanet za ta karɓa. Ko da wani magani za a bi, a biya ta asibiti a makon farko, a yanki kati, a ɗauki hoto, likita ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gan shi. In da hali ma, a fara da asibitin jami'ar kafin a fita da ɗalibin, domin likitan da ya tura ka da hannunsa ba zai yi gardamar rahoton da ka dawo da shi ba.

Ranar kai takarda, yayan nata ya tafi da kwafi biyu. A ofishin sashe zai tarar da akawu a bayan tebur, gefensa tire mai cike da fayil-fayil. Ya miƙa na asali, ya kuma miƙa kwafin, ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a buga min shaidar karɓa a wannan." Akawun zai danna hatimi a tawada, ya buga, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Wannan kwafin a ɗauke shi hoto da waya nan take, a kai shi gida a adana tare da takardun haihuwa. Takardu suna ɓacewa tsakanin ofis da ofis, shugabannin sashe suna sauyawa, yajin aiki na iya rufe makaranta wata da watanni kamar yadda aka gani a 2022, lokacin da malaman jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas ba sa aiki. Idan wata rana aka ce ba a ga takarda ba, wannan hatimin shi ne zai yi magana.

Ina kuɗin suka shiga?

Yanzu ga tambayar da mahaifi ya fi so a amsa masa, musamman tun daga 2023 da jami'o'in tarayya da yawa suka ninka kuɗin rajista. Ya biya 152,500, 'yarsa ta yi mako biyar. A lissafinsa na kasuwa, akasarin kuɗin nasa ne. Gaskiyar da ba a so a ji ita ce, a jami'o'in gwamnati abu ne mai wuya a mayar da kuɗin rajista bayan an kammala ta an fara darasi, kuma da yawa sun rubuta hakan ƙarara a littafin ƙa'idojin ɗalibai ko a shafin biyan kuɗi. Sanin dalili yana taimakawa wajen sanin abin da za a nema.

Jami'ar tarayya, a hukumance, ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga ɗan ƙasa mai digirin farko. Abin da ake kira kuɗin makaranta tarin ƙananan kuɗaɗe ne: na jarrabawa, na ɗakin karatu, na asibiti, na wasanni, na katin shaida, na intanet, na kayan ɗakin gwaji ga 'yan kimiyya. Da zarar an biya, kamar buhun hatsi ne da aka riga aka raba wa gidaje, kowane kwano ya tafi inda aka nufa da shi. An buga katin, an sa sunanta cikin inshorar lafiyar ɗalibai ta shekarar, an yi kasafi da kuɗin. Bayan haka, tun 2015 da aka tilasta tsarin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, kuɗin da aka biya ta Remita ba ya zama a wani banki da ma'ajin jami'a zai sa hannu ya ciro. Fitar da ko naira dubu sai an buɗe fayil, an rubuta baucan, masu binciken kuɗi sun duba, an samu amincewar shugabanni. Shi ya sa lambar RRR, mai alƙaluma 12 da ke kan rasit, take da muhimmanci: da ita ofishin ma'aji ke gano kuɗin. Takardar da ta ce "na biya kuɗin makaranta" ba tare da ita ba, ba ta ba kowa abin da zai bincika ba.

Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibarmu ta rarraba kuɗin gida uku maimakon ta ce a mayar mata da 152,500. Wanda ya nemi duka a dunƙule, amsa ɗaya zai samu, a dunƙule. Wanda ya rarraba ya ba ofis damar cewa a'a a nan, e a can. Naira 7,500 na sashe da ƙungiya a manta da su, ba su ma shiga asusun jami'a ba, kuma wataƙila an riga an kashe su a bikin maraba da sababbin ɗalibai. Naira 105,000 na rajista, fatan samunsu kaɗan ne, amma tambayar ba ta da laifi, domin wasu hukumomin suna duba uzurin jinya da idon rahama, musamman in an janye da wuri. Kuɗin ɗaki shi ne ya fi hujja: gado abu ne da ake gani, ta yi mako biyar a kansa, kuma akwai ɗaruruwan da ke neman sa. Idan ta miƙa makulli ta karɓi shaida daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da bakin magana. Abin da bai kamata ta yi ba shi ne sayar wa wata gadon a ɓoye, kamar yadda aka saba. Laifi ne a ƙa'idar ɗakunan kwana, kuma duk ɓarnar da mai gadon ta yi, sunan wadda ke kwance a gida za a rubuta.

Kuɗin karɓar gurbi da sabon ɗalibi ke biya kafin rajista, wannan ba ya dawowa. Wanda ya fi saurin dawowa shi ne wanda aka biya bisa kuskure, kamar a ce intanet ta yanke aka sake biya sau biyu, domin a nan jami'a ba ta da hujjar riƙewa. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa, inda kuɗin koyarwa ne na gaske kuma ya kan kai miliyoyi, wasunsu suna da jadawalin mayarwa da ke raguwa da yawan makonnin da aka yi, har ya kai ba komai. A irin wannan wuri jinkirin mako ɗaya kuɗi ne, don haka a nemo takardar da aka sa wa hannu ranar rajista a karanta kafin a yi komai.

A nan kuma dakatarwa ta sake fin janyewa. Wanda ya dakatar yana da wata buƙata ta uku da zai iya gabatarwa, wadda ta fi sauƙi ga ofishin ma'aji: kada a mayar da kuɗin, a ajiye masa su zuwa shekarar da zai dawo. Babu baucan, babu fitar da kuɗi, gyara ne a rubuce. Ba kowace jami'a ke yarda ba, amma ya fi neman tsabar kuɗi yiwuwa. Wanda ya janye ya rufe wa kansa wannan hanya.

Sai batun wanda ya biya. Tun 2024 da aka fara ba da lamunin karatu na NELFUND, ɗalibai da yawa ba daga aljihun gida aka biya musu ba. Asusun yana tura kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu ruwa a kansa, amma bashi ne da sunan ɗalibi, kuma barin makaranta ba ya mayar da shi kyauta. Wanda ya janye ya rubuta wa asusun ya sanar da su, ya haɗa da kwafin nan mai hatimi, ya daina karɓar na wata-wata, kuma kada ya sa ran idan an mayar da wani abu zai shigo hannunsa. Akwai kuma akasin haka: ɗalibin da ya biya da kuɗinsa don kada a rufe rajista, daga baya lamunin ya iso makaranta. Wannan an biya masa sau biyu, kuma kuɗinsa na farko haƙƙinsa ne ko ya janye ko bai janye ba. In haka ne, a faɗe shi a sakin layi na kansa, da rasit ɗin biyu. Mai tallafin karatu na jiha ko na wani kamfani shi ma ya sanar da masu biya masa, tun kafin su ji daga wani bakin.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: kuɗin asibitin da ke cikin rajista shi ne ke ba ɗalibi damar ganin likita a asibitin jami'a. Ranar da aka rufe fayil, wannan dama ta tafi. Duk wata takardar turawa zuwa babban asibiti, ko kwafin gwaje-gwajen da aka yi mata a can, a karɓe su kafin amincewar ta fito.

Amsa ba ta zuwa da wuri. Takardar za ta jira taron sashe, ta jira na tsangaya, sannan sanet, kuma kowanne da ranarsa. Yayan nata ya riƙa leƙawa duk bayan mako biyu, yana tambayar ofishin da fayil ɗin ya kai, ba wai "ya ake ciki" kawai ba. Idan amincewa ta fito, ya karɓe ta a rubuce, ya duba abu biyu: ranar da aka ce janyewar ta fara, da kuma shafin ɗalibar a intanet, ko an cire darussan zangon. Sannan ya zagaya da fom ɗin sallama, ɗakin karatu su sa hannu cewa babu littafinsu a wurinta, haka sashe, haka ɗakunan kwana, haka ofishin ma'aji, domin ba a ba da takardar sakamako ga wanda ake bi ko da littafi ɗaya. Maganar kuɗi kuwa sau da yawa ba ta cikin wannan amsa, tunda sanet karatu take dubawa. Sai a rubuta wata gajeriyar takarda zuwa ga ma'ajin jami'a, a haɗa kwafin amincewar da rasit-rasit da lambar asusun banki mai sunan ɗalibar kanta, ba na mahaifinta ko yayanta ba, domin sunan da ke kan rasit shi ake biya.